Ciwon Gindin Babban Yatsa: Abin da Ɗaga Jariri Ke Yi wa Wuyan Hannu

A makarantar nan da wuya ka shiga aji ba ka tarar da mai goyo ba, ko wadda ta bar jariri a gida ta rugo lacca. Mu da ba mu yi aure ba ma ba mu tsira daga reno ba, domin kowa yana da yaya ko matar yaya ko ƙanwar uwa da takan miƙo masa yaro ta ce riƙe mini. Shi ya sa na ga ya dace in yi bayani a kan wani ciwo da ya fi kama masu jego da masu reno, wanda a gida ake yawan ɗaukarsa targaɗe ne ko sanyin ƙashi.

Ciwon yana zama ne a wuyan hannu, ta gefen babban yatsa. Mai shi za ta ce miki in ta zo ɗaga yaro, ko matse wanki, ko buɗe murfin kwalba, sai ta ji kamar an soka mata allura a wurin. Likitoci suna kiransa da sunan Fritz de Quervain, wani likitan tiyata ɗan ƙasar Suwizalan da ya yi bayaninsa a shekarar 1895. In mutum ya gane abin da ke faruwa a ƙarƙashin fatar wurin, shi da kansa zai ga dalilin da ya sa wani magani yake aiki, wani kuwa yake ƙara dagula lamarin. To, bari mu fara daga can.

Wace jijiya ake nufi?

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da abu uku. Akwai jijiyar jini, wadda ake nema in za a ƙara wa mutum ruwa. Akwai jijiyar da ke kai saƙon ji da motsi, wadda in ta danne sai wuri ya yi sanyi ko ya mutu. Sannan akwai farar jijiya mai tauri kamar igiya, wadda ke haɗa tsoka da ƙashi, irin agarar da ke bayan dunduniya. Wannan ta ukun ita ce maganarmu a yau.

Tsokokin da ke jan babban yatsa zuwa waje ba a cikin tafin hannu suke ba. Suna can sama, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu. Daga can suke aiko da igiyoyinsu, su bi ta wuyan hannu, su je su kama ƙasusuwan babban yatsa. Kowa zai iya ganinsu a hannunsa yanzu haka. Ki buɗe tafin hannunki, ki ware babban yatsa iya warewa. Za ki ga wani ɗan rami ya bayyana a gindinsa, da igiyoyi a gefe da gefe. Igiyar da ke can bakin gefe, wadda ta fi kusa da ɓangaren tafin hannu, ba ɗaya ba ce, biyu ne a manne da juna. Ɗaya tana ware babban yatsa daga sauran yatsu, ɗaya kuma tana miƙe shi. Ki bi su da yatsanki zuwa sama kaɗan, za ki ci karo da wani ƙashi mai ɗan tudu. Nan ne gidan wannan ciwo.

A daidai wannan ƙashi, jijiyoyin biyu suna wucewa ta cikin wata 'yar hanya mai tsawon kamar santimita 2. Ƙasan hanyar ƙashi ne, samanta kuma wani tsiri ne mai tauri da ya ratsa bayan wuyan hannu kamar bel ɗin agogo, aikinsa ya riƙe jijiyoyi kada su tashi daga kan ƙashi. Irin waɗannan hanyoyi shida ne a bayan wuyan hannu, tamu ita ce ta farko. A ciki, jijiyoyin suna lulluɓe da wani kube mai ɗan santsi da ke sa su zame ba tare da gogayya ba.

Duk wanda ya taɓa gyara keke ko babur ya san wayar birki. Waya ce a cikin bututu, in ka danna sai ta zame ta dawo. In bututun ya matse, wayar ba ta tsinke ba, birkin ma bai lalace ba, amma kowace dannawa sai ta yi gurzo. Haka wannan ciwo yake. Yawan aiki yana sa kuben da rufin hanyar su yi kauri, hanyar ta ƙuntata, jijiyoyin su riƙa wucewa da ƙyar. Ƙashi lafiyarsa ƙalau, gaɓa ma ba ta goce ba.

Akwai wani abu da ya kamata a sani a nan. An saba kiran ciwon da kumburin kuben jijiya, amma da aka duba naman wurin da madubin likita, abin da aka fi gani shi ne kauri da canjin saƙar naman, ba irin kumburin rauni ko ƙurji ba. Wannan shi ya sa ƙwayoyin rage kumburi sukan rage zafi na wasu awoyi, amma su kaɗai ba su cika buɗe hanyar da ta matse ba.

Me ya haɗa shi da jariri?

Ku lura da yadda kusan kowa ke ɗaukar yaro daga shimfiɗa. Za a zura hannu biyu a ƙarƙashin hammatarsa, manyan yatsu a ware a kan ƙirjinsa, sauran yatsu a bayansa, sai a ɗaga. A wannan riƙo abu biyu ke faruwa lokaci guda. Babban yatsa yana ware yana aiki da ƙarfi, wato jijiyoyin nan biyu a ɗaure suke tam. Sannan nauyin yaron yana karkatar da wuyan hannu ƙasa, ta ɓangaren ƙaramin yatsa, wato jijiyoyin suna lanƙwasa a kan tudun ƙashin nan. Igiya a ɗaure, kuma ana jan ta a kan kusurwa: ai dole wurin ya ji jiki.

Sau ɗaya ko sau biyu ba komai ba ne. Maimaicin ne matsalar. Jariri yakan zo duniya da nauyin kilo 3 ko kusa da haka. Kafin ya cika wata shida ya ninka wannan nauyi, a shekara guda kuma ya kusa ninka shi sau uku. A ce yaro yana da kilo 6, uwarsa tana ɗaga shi sau 30 a yini, ga shayarwa, ga wanka, ga canza masa kaya, ga rarrashi. Jimilla ta ɗaga kilo 180 ke nan, fiye da buhun siminti uku da rabi, kuma kowace ɗagawa ta bi ta wannan 'yar hanya mai santimita 2. Ba hutun Asabar, ba na Lahadi.

Bayan haka, jikin mai ciki da mai shayarwa yana cikin canjin sinadarai da ke sa nama ya riƙe ruwa, abin da ke ƙara matse hanyar. Shi ya sa wasu ciwon ke fara musu tun watannin ƙarshe na ciki, kuma masu jego sukan same shi a hannu biyu gaba ɗaya. Yanayin shayarwa ma yana da nasa: uwa ta tallafe kan jariri da tafin hannu, wuyan hannu a lanƙwashe, babban yatsa a ware, ta yi minti ashirin a haka, dare da rana.

A gidajenmu akwai lokacin da ciwon yakan fi fitowa fili. In mace ta je wankan gida, ko kuma wata dattijuwa ta zo ta zauna da ita, akwai masu ɗaukar mata yaro da yi mata wanki. Ana gama arba'in sai taimako ya watse. Yaro ya ƙara nauyi, ga wankin kayansa da matsewa, ga tuƙin tuwo, ga jan guga da ɗaukar bokiti, in ɗaliba ce ga rubutun lacca da latsa waya a kai. Matse wanki musamman mugun aiki ne ga wannan wuri, don murɗawa ce da riƙo mai ƙarfi a haɗe.

Mata sun fi maza kamuwa da shi nesa ba kusa ba, amma ba nasu ba ne su kaɗai. Kaka mai reno, 'yar aiki, uban da ke yawan cilla ɗansa sama, kafinta mai guduma, duk yana iya kama su.

Yadda ake gane shi

Alama ta farko ita ce wurin ciwon. In aka ce mai shi ta nuna da yatsa ɗaya, kai tsaye za ta ɗora a kan tudun ƙashin nan. In an danna wurin za ta zabura. Wani lokaci akan ga ɗan kumburi mai tauri, zafin kuma yakan gangara cikin babban yatsa ko ya hau sama. Yana tashi ne da aiki, ya lafa in an huta.

Akwai gwajin da ya shahara. A naɗe babban yatsa cikin tafin hannu, a rufe shi da sauran yatsu, sannan a karkatar da hannun a hankali zuwa ɓangaren ƙaramin yatsa. In ciwon ne, zafi mai kaifi zai tashi a kan ƙashin nan. Sai dai a yi hattara: hannu mai lafiya ma yakan ji ja in aka yi masa haka da ƙarfi. Don haka ana yi ne a hankali, a kwatanta da ɗayan hannun, kuma sau ɗaya ya isa. A asibiti likita yakan kama babban yatsan da kansa ya karkatar da hannun, gwajin da ake dangantawa da likitan tiyata Harry Finkelstein na Amurka, wanda ya rubuta shi a 1930. Yawanci bayanin mara lafiya da wannan dubawa sun isa. Ba a buƙatar hoton ƙashi sai in ana zargin wani abu daban.

Kuma akwai abubuwa daban da ke kama da shi, waɗanda maganinsu ba ɗaya ba ne. In abin da ke damun mai jego shi ne yatsu su riƙa mutuwa ko yin kamar tafiyar kiyashi, musamman babban yatsa da manuni da na tsakiya, har ya tashe ta cikin dare tana yarfa hannu, to wannan jijiyar ji ce ta danne a ɓangaren tafin hannu. Shi ma yana yawan kama masu ciki da masu jego, amma ciwo ne daban. In zafin ya fara ne bayan an faɗi an dafa ƙasa da tafin hannu, kuma yana cikin ɗan ramin nan na gindin yatsa, ana iya samun karaya a wani ƙaramin ƙashi da ke wurin, wanda in aka yi sake ba ya haɗewa. Wannan sai da hoto. In dattijuwa ce kuma ciwon yana cikin gaɓar gindin yatsan, ƙasa da tudun ƙashin, ya fi kama da zaizayewar gaɓa. In kuwa wurin ya yi ja, ya yi zafi rau, ga zazzaɓi, to ƙwayar cuta ake tsoro, kuma ranar za a tafi asibiti ba gobe ba.

Matakin farko, kamar yadda na gani a wurin yayata

Yayata ta samu wannan ciwo a haihuwarta ta fari, yaron yana da wata uku. Hannun dama ya fara, na hagu ya biyo baya da sauƙi-sauƙi. Maƙwabta suka ce targaɗe ne, aka kai ta wurin mai ɗori. Ya ja yatsan, ya murza wurin da man zafi, ya ɗaure. Kwana biyu ba ta iya riƙe ko cokali ba. In kun tuna wayar birkin nan, ba abin mamaki ba ne: babu abin da ya goce balle a mayar, ja da murza sun ƙara gurza jijiyar ne kawai a cikin matsattsiyar hanya.

Ni na raka ta asibiti don in riƙe mata yaron. Likitan ya ce, “Malama, nuna mini da yatsa ɗaya inda yake miki ciwo.” Ta nuna. Ya yi gwajin nan, ta yi ƙara. Sai ya ce mini in miƙa mata yaron yana so ya ga yadda take karɓarsa. Tana zura hannu a hammatarsa ya ce, “Yauwa, ga mai laifin nan.” Daga nan ya tura mu sashen gashin ƙashi, kuma abin da aka ɗora ta a kai kashi huɗu ne.

Na farko, canza yadda ake ɗaukar yaro. Maimakon kama hammata, a zura hannu ɗaya a ƙarƙashin mazaunansa, ɗaya a bayan kafaɗu da wuyansa, tafin hannu yana kallon sama, babban yatsa a manne da sauran, kamar ana kwasar hatsi. A matso da yaron kusa da ƙirji kafin a miƙe, nauyin ya hau kan damtse ba kan yatsu ba. Wurin shayarwa a sa filo a cinya ya ɗauki nauyin, kan jariri ya kwanta a kan hannu kusa da gwiwar hannu. Goyo a baya yana hutar da hannu sosai, sai dai wurin ɗora yaron da ɗaure zani ne ake jin jiki, don haka in akwai wani kusa a ce ya ɗora mata.

Na biyu, madaurin hannu. Ba bandeji ake nufi ba, kuma ba irin wanda ke riƙe wuyan hannu kaɗai ya bar babban yatsa yana yawo ba. Wanda ake so yana da ɗan ƙarfe ko roba mai tauri a ciki, yana farawa daga tsakiyar hannu, ya riƙe wuyan hannu da gindin babban yatsa tare, ya bar kan yatsan a sake. Ana sa shi mako huɗu zuwa shida, a cire wurin wanka da alwala. Kada ya matse har yatsu su yi sanyi ko su canza launi.

Na uku, sanyi da maganin zafi. Ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, a ɗora minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana. Farasitamol da ibuforofen suna cikin magungunan da aka yarda mai shayarwa ta sha, amma ibuforofen da danginsa irin su dikulofenak ba na mai ciki ba ne sai da izinin likita, kuma ba na mai olsa ko ciwon ƙoda ba ne. Akwai na shafawa, wanda ya fi sauƙi ga ciki. A wanke hannu kafin a taɓa jariri.

Na huɗu, rage aikin da ke tayar da ciwon. Wannan shi ya fi wuya, kuma ba na mara lafiya ba ne ita kaɗai. Umma ta ce a riƙa kawo wankin yaron gidanmu, mijinta kuma ya karɓi ɗiban ruwa. Motsa jiki na miƙa jijiya da ƙara mata ƙarfi yana zuwa ne daga baya, bayan zafin ya kwanta, ba lokacin da yake kan ganiyarsa ba.

Bayan mako shida hannun hagu ya warke sarai. Na dama kuwa ya yi sauƙi ne kawai. Da ta cire madaurin ta kama aiki sai ciwon ya dawo. Haka abin yakan kasance ga masu jego da yawa, domin ba yadda za a yi uwa ta daina ɗaukar ɗanta. Sai aka wuce mataki na biyu.

Allura a cikin kuben

Wannan ita ce maganin da ya fi aiki kafin a kai ga tiyata. Ana haɗa ɗan maganin kotizon da maganin kashe zafi, abin da bai wuce mililita 1 zuwa 2 ba, a zuba shi a cikin kuben jijiyar, daidai matsattsiyar hanyar. Aikin minti kaɗan ne. Kotizon ɗin yana sa naman da ya yi kauri ya saki, hanyar ta buɗe. In aka haɗa sakamakon bincike daban-daban, kusan mutum 8 cikin 10 suna warkewa da allura ɗaya ko biyu. Akwai wani ƙaramin bincike da aka yi a Turkiyya a kan masu ciki da masu shayarwa, aka buga a 2002. Waɗanda aka yi wa allura duk zafin ya tafi musu, waɗanda aka ba madauri kaɗai kuwa ba wadda ta rabu da shi gaba ɗaya, sai bayan da suka yaye yaransu ciwon ya tafi da kansa ga mafi yawansu. Darasi biyu ke nan: ciwon mai jego yakan wuce da kansa, amma ba dole ba ne ta yi shekara tana jiran yaye cikin azaba. Allurar ba ta hana shayarwa, domin maganin kaɗan ne kuma yawancinsa a wurin yake zama.

Akwai abubuwan da ya kamata a sani kafin a miƙa hannu. Awoyi na farko wurin zai yi daɗi saboda maganin kashe zafi, daga nan yana iya fin da ciwo na kwana ɗaya ko biyu, sannan sauƙin gaske ya fara zuwa cikin mako guda ko biyu. Mai ciwon suga ta faɗa wa likita, don sugan yakan hau na 'yan kwanaki. Sannan fatar wurin tana iya yin fari-fari ko ta ɗan lotsa, kuma a baƙar fata irin tamu abin ya fi fitowa. Yayata ta samu wannan tabo, girmansa kamar ƙwandala, ya ɗauki watanni kafin launin ya dawo. Ciwon kuwa bai ƙara dawowa ba. Ba a yawaita allurar. In an yi biyu ba a ga canji ba, akan sake lissafi, domin yawanta yana raunana fata da jijiya.

Abin lura shi ne, amfaninta yana cikin wurin da aka zuba ta. Allurar zafi a ɗuwawu a kemis ba ita ba ce. Sayen ƙwayoyin kotizon ana sha kullum ma ba ita ba ce, wannan hanyar kumbura fuska da hawan jini da hawan suga ce. Kuma ba aikin wanda ya iya allura kawai ba ne, don akwai jijiyar jini da jijiyar ji dab da wurin. Likitan ƙashi ko wanda aka horar a kan haka shi ke yi.

In allura ta gaza

Babban dalilin gazawarta yana da ban sha'awa. A jikin mutane da yawa, wajen ɗaya cikin uku ko fiye, hanyar nan ba ɗaki ɗaya ba ce. Akwai ɗan bango a tsakiya da ya ware wa jijiyar da ke miƙe yatsa nata ƙaramin ɗaki. In maganin ya shiga ɗaki ɗaya ya bar ɗayan, sauƙin rabi za a samu. Shi ya sa inda ake da na'urar sikanin, wasu likitoci kan duba da ita su kai allurar ɗaki biyun.

In duk an yi wannan watanni sun shuɗe ciwo yana nan, sai tiyata. Ƙaramar tiyata ce, yawanci wurin kaɗai ake kashewa, mutum yana farke, kuma ranar yake komawa gida. Likita zai yanka fata kamar santimita 2, ya tsaga rufin hanyar a tsaye, ya nemi bangon nan in akwai ya buɗe shi, ya tabbatar jijiyoyin biyu suna zamewa. Ba a yanke jijiya, rufin kawai ake saki. Ana cire ɗinki bayan kwana 10 zuwa 14, a koma ƙananan ayyuka, ɗaukar nauyi kuma sai bayan wasu makonni. Yawancin waɗanda aka yi wa suna rabuwa da ciwon. Haɗarin da aka fi kiyayewa shi ne taɓa jijiyar ji da ke ratsawa ta saman wurin, wadda in ta ji rauni bayan babban yatsa yakan mutu ko ya riƙa zogi. Sauran su ne a manta da ɗaki na biyu ciwo ya ci gaba, ko jijiyar ta riƙa zamewa daga mazauninta. Masu jego kaɗan ne ke kaiwa wannan mataki.

Yaushe za a daina jira?

In ciwon sabo ne, ba faɗuwa, ba zazzaɓi, ba mutuwar yatsu, ana iya fara canza ɗaukar yaro da hutar da hannu a gida. In an yi mako biyu ba sauƙi, ko ya kai uwa tana tsoron yaro ya suɓuce mata, to a tafi asibiti, a nemi sashen ƙashi ko na gashin ƙashi. Kada a bari a ja yatsan, kada a yi ƙaho ko tsaga a wurin, don jijiyar jin nan tana dab da fata. Ciwon da aka kama da wuri ya fi saurin jin magani a kan wanda ya yi wata takwas ana ɗaure shi da tsumma.

Mu kuma da ke zaune da masu goyo a aji da ɗakunan kwana, in kun ga wata tana yamutsa fuska wurin ɗaga ɗanta, ko tana rubutu tana sakin biro tana murza wuyan hannu, ku ce ta nuna muku wurin da yatsa ɗaya. In tudun ƙashin nan ta nuna, ku gwada mata ɗaukar kwasar hatsi, ku ɗora mata goyon, ku karɓi matsar wankin. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuri'a, amin.